Inda Gemu Ya Ƙare, Wuya Ya Fara

Saura kwana 12 a ɗaura wa ƙanena aure ya yi sallama a ƙofar ɗakina da hantsi, hannunsa ɗaya a ƙarƙashin haɓa kamar mai ciwon haƙori. Da ya sauke hannun na ga abin da ya faru. Ya sayi sabuwar kilifa mai caji, ya tsaya gaban madubi, ya yi wa kansa gyaran fuska. Daga gaba babu laifi ko kaɗan. Amma da na ce ya juya gefe, sai ga gemun ya tsaya cak a kan ƙashin muƙamuƙi, ƙasansa kuma fata ce fetal tun daga haɓa har maƙogwaro. Gemun da ya shafe wata biyu yana tarawa ya koma kamar igiyar da aka zagayo da ita daga kunne zuwa kunne.

"Yaya, wallahi a madubi daidai na gan shi," in ji shi.

Na yarda da shi, domin a madubi daidai ɗin ne. Matsalar ke nan. Madubi gabanka kawai yake nuna maka, kuma yana nuna maka shi ne a yanayin da ka tsaya lokacin aski, kai a ɗage, wuya a miƙe. Jama'a kuwa ba haka suke ganinka ba. Wanda ke kusa da kai a sahun salla, da wanda kuka zauna kujera ɗaya a mota, da mai ɗaukar hoto ranar biki, duk daga gefe suke kallonka, kanka a sake, kana magana ko kana dariya.

Kusan duk wanda ya fara gyara gemunsa da kansa sai ya yi wannan kuskuren, kuma dalilinsa a fili yake. Idan mutum ya shafa fuskarsa yana neman inda zai tsayar da gemu, abin da hannunsa ke fara cin karo da shi shi ne ƙashin muƙamuƙi. Ƙashi ne mai kaifi, a miƙe yake, kamar an ajiye shi ne don a bi. Sai mutum ya bi shi. Alhali gemu ba a kan ƙashin yake ƙarewa ba. Yana lanƙwasawa ya shiga ƙarƙashi, ya rufe wannan shimfiɗaɗɗen wurin da ke tsakanin haɓa da wuya, kuma gashin da ke can ƙasan shi ne ke ba gemu kauri da inuwa. Shi ne ke sa muƙamuƙi ya fito sosai a ido. Idan aka aske shi, naman da ke ƙarƙashin haɓa ya bayyana da haskensa, sai fuska ta yi kamar ta kumbura, har siririn mutum ma a ga kamar haɓarsa ta ninku biyu.

Akwai kuma abin da fata ke yi. Fatar wuya ba a manne take da ƙashi ba, tana zamewa. Ka ɗora yatsa a ƙarƙashin haɓarka, ka ɗaga kai sama, ka sauke, za ka ji yadda wurin ke miƙewa yana tattarewa. Idan ka ɗage kai, kwanar da ke raba wuya da ƙasan haɓa tana ɓacewa, wurin ya zama shimfiɗa guda mai tsawo, sai ka ga kamar gashin ya yi yawa ƙwarai, hannunka ya riƙa hawa sama. Kana sauke kai sai ka tarar ka wuce wurin da nisa. Haka kuma in ka buɗe baki: muƙamuƙi na sauka, amma fata ba ta binsa gaba ɗaya, don haka layin da aka ja a bakin ƙashi sai ya hau kan fuska duk lokacin da mutum ya yi magana da ƙarfi ko ya yi hamma.

To ina ne wurin?

Tsaya yadda ka saba tsayuwa, idonka na kallon gaba, haɓarka ba sama ba ƙasa. Ka nemi zakaran wuyanka, wato wannan tudun na maƙogwaro da ke hawa yana sauka in ka haɗiyi yawu. Bari ya koma mazauninsa tukuna, sannan ka kwantar da yatsa a gicciye daidai samansa. Inda saman yatsan ya tsaya, ko ɗan sama da haka kaɗan, nan ne tsakiyar layinka. Za ka ji ana cewa yatsa biyu, kuma ga mai dogon wuya hakan na iya yin daidai. Amma yatsu ba ɗaya ba ne, wuyoyi ma haka. Faɗin yatsan babban mutum ya kusa santimita 2, biyu ke nan sun doshi santimita 4, kuma ga mai gajeren wuya wannan ya isa ya kai shi tsakiyar ƙasan haɓa. Ni na fi son a fara da yatsa ɗaya. In ya yi ƙasa, gobe ma rana ce, ana iya ƙarawa. In ya yi sama, sai dai jira.

Akwai gwaji na biyu da na fi amincewa da shi, domin bai dogara da yatsan kowa ba. Ka sunkuyar da kai a hankali kamar za ka duba maɓallin rigarka na sama. Fata za ta ninke a wani wuri, inda ƙasan haɓa ya haɗu da wuya. Wannan ninkin shi ne iyakar da halitta ta ajiye: abin da ke samansa na fuska ne, abin da ke ƙasansa na wuya ne. Ka sa yatsa a ninkin, ka ɗago kai zuwa daidai, ka duba ko ya yi kusa da inda yatsan farko ya nuna maka. Galibi za ka tarar sun haɗu ko sun kusa. In sun saɓa, ɗauki na ƙasa. Mai jiki, wanda zakaran wuyansa ba ya fitowa a ido, zai iya lalubo shi da hannu, amma ya yi hattara da ninkin, don yana iya samun biyu. Shi ma na ƙasan zai bi, ya bar gemu ya rufe naman ƙasan haɓar gaba ɗaya. Masu jiki su ne suka fi kwaɗayin ɗaga layi sama, suna zaton hakan zai fito musu da muƙamuƙi, kuma su ne ya fi yi wa illa.

Tsakiya ta samu, saura gefe. Ka shafa ƙasan kunnenka, ka gangaro har ka ji kusurwar muƙamuƙi, inda ƙashin ya karya kwana ya nufi haɓa. Layin ba zai hau kan wannan kusurwa ba. Zai bi ta ƙasanta da bayanta da kimanin faɗin yatsa ɗaya, sannan ya haɗu da bayan saje da ya gangaro daga gaban kunne. Idan ka haɗa waɗannan wurare uku, dama da tsakiya da hagu, abin da za ka samu lanƙwasa ce mai taushi kamar gindin ƙwarya. Ba ta da tsini a tsakiya. In ka ga layinka ya yi tsini kamar bakin mashi, to gefunan sun hau da wuri, kuma nan ne akasarin mutane ke yin asara: tsakiyar ta yi daidai, amma daga nan sai su miƙe kai tsaye zuwa kunne, su yanke kusurwar muƙamuƙi. Daga gefe sai a ga gemun ya sirance daidai inda ya kamata ya fi faɗi.

Wani tsohon mai aski a unguwarmu, wanda ya fara da aska da zabira tun kafin ya riƙe kilifa, ya taɓa nuna mini wata dabara mai sauƙi. Ka samo zare mai ɗan kauri, ka riƙe bakinsa biyu a bayan kunnuwanka, ka bar tsakiyarsa ta kewayo ta ƙarƙashin haɓa, ka ja shi baya har ya zauna a kwanar wuya. Inda zaren ya kwanta da kansa, ba tare da ka tilasta masa ba, kusan nan ne layin. Zaren ba ya karkata don ka fi iya amfani da hannun dama, kuma ba ya ganin madubi.

Abin da nake roƙon kowa a nan shi ne ya zana kafin ya yanke. Tela ba ya sa almakashi a shadda sai ya ja alli, ban ga dalilin da zai sa mutum ya yi wa fuskarsa abin da ba a yi wa yadi ba. Farin alli na makaranta ko na tela ya wadatar, in ka ɗan jiƙa bakinsa yana fitowa sosai a fatarmu. Ka ɗiga alama a tsakiya, ka ɗiga a ƙasan kowace kusurwa, ka haɗa su, duk wannan kanka na kallon gaba. Sannan ka ajiye allin, ka ba wani wayarka ya ɗauke ka ta dama da ta hagu, daga nisan taku biyu ko uku, wayar daidai tsayin fuskarka. In babu kowa, jingine ta a taga. Kada ka ɗauka da hannunka daga ƙasa, hoton zai ruɗe ka kamar yadda madubin ya yi. A hoton, ka buɗe baki sau ɗaya. Idan alamar allin ta leƙo kan ƙashi, goge ta ka sauko.

Sai bayan nan ne za ka ɗaga kai, domin yanzu ba wurin kake nema ba, bin alama kawai kake yi. Gashin ya kasance a bushe kuma a taje, saboda jiƙaƙƙen gashi yana kwanciya ya ɓoye inda saiwarsa take. Ka cire robar bakin kilifa, ka juya kilifar ta yadda haƙoranta za su sauka a kan layin, ka dafa a hankali, ka ja ƙasa, wato ka riƙa nesanta da gemun. Kada ka taso daga gindin wuya ka nufo sama da gudu, ko yaya hannu ya goce cikin gemu zai faɗa. Fara daga tsakiya. Daga nan ka yi gefen da ya fi yi maka wuya, wanda hannunka ba ya sakewa a kansa, sannan ka daidaita gefen mai sauƙi da shi. Mutane kan yi akasin haka, su gama mai sauƙin tsaf, su zo mai wuyar ya ƙi yin daidai da shi, daga nan a shiga rage nan a rage can.

Wannan ragin shi ne ya ci gemun ƙanena. Da na tambaye shi yadda aka yi, ya ce da farko bai kai haka sama ba. Ya ga hagu ya ɗan fi dama hawa, sai ya ɗaga dama. Daman ya wuce, sai ya koma hagu. Sau huɗu ko biyar ya yi haka, garin neman gira aka rasa ido. Babu fuskar da ɓangarorinta biyu suke daidai wa daida, kuma babu mai iya kallon gefen wuyanka biyu a lokaci guda sai kai da madubinka. Bambancin milimita 2 ko 3 tsakanin dama da hagu ba wanda zai lura da shi. Gyara ɗaya ya isa. In bayan shi har yanzu ranka bai kwanta ba, kashe kilifar, ka wanke fuska, ka sake dubawa gobe.

Mai gajeren gemu yana iya tausasa bakin layin don kada ya yi kamar an yanka da wuƙa. Robobin nan masu haƙora da ake maƙala wa bakin kilifa suna da lamba a jiki: a yawancinsu lamba 1 na barin gashi milimita 3, lamba 2 milimita 6, lamba 3 milimita 10, lamba 4 kuma 13. Idan gemunka na lamba 3 ne, ka bi faɗin yatsa ɗaya na saman layin da lamba 2, sannan ka ɗan shafi bakinsa da lamba 1. Faɗin yatsa ɗaya kawai. In ka zarce, ka sake ɗaga layin ne ta wata hanyar. Mai dogon gemu kuwa wannan bai shafe shi ba. Shi sai ya ɗage gemun da hannu ko da mataji ya ga saiwar, ya share abin da ke wuya kaɗai, domin gashin ƙasan haɓa shi ne ginshiƙin da dogon gemu ke zaune a kai. In aka rage shi, gemun ya zama shara-shara, ana hango wuya ta cikinsa.

Kumatu nasu sha'anin daban ne, kuma a nan kuskuren ta ɗaya fuskar yake zuwa. A wuya hannu hawa yake yi, a kunci sauka yake yi, duka biyun kuma gemun suke cinyewa. Amma akwai masu yin sama da yawa a kuncin ma: mutum ya ga 'yan tsirarun gashi sun haura har kusa da ƙashin ƙasan ido, sai ya ja layinsa ta samansu don kada ya yi asarar ko ɗaya. Sakamakon shi ne layi mai kaifi wanda babu abin kirki a ƙarƙashinsa, kamar shingen da aka kewaye fili da shi. Tsabtar layi daga bambanci take zuwa, duhu a nan, haske a can. In gashin da ke bakin layin bai cika ba, duk iya askinka ba zai fito ba.

Don haka ka ja baya daga madubi taku biyu, ka ɗan runtse ido. Tsirarun gashin za su ɓace maka, sai duhun gemun na gaskiya ya rage. Bakin wannan duhun shi ne layinka. Ga mafi yawan mutane yana tasowa ne daga gaban kunne, inda saje ya fara buɗewa, ya gangaro zuwa gefen baki, inda gashin baki ya ƙare. Ka kwantar da bayan mataji tsakanin waɗannan wurare biyu ka gani. Idan gashi mai yawa ya haura saman matajin, Allah ya ba ka cikakken gemu, sai ka ɗaga bakin matajin na gaba ya doshi gefen hanci, ka bar abinka. Idan kuma akwai fili a ƙarƙashin matajin, ka bar layin ya ɗan lotsa a tsakiya ya bi inda gashin ya cika, amma kada ka bi kowane gurbi. Wurin da bai cika ba a tsakiyar kunci yakan rufe in gashin da ke samansa ya yi tsawo, musamman irin namu mai nannaɗewa. Wanda ya bi gurbi da reza yana sauka, zai wayi gari da siririn gemu a bakin muƙamuƙi, in an haɗa da wuyan da ya hau kuma, shi ke nan an koma igiya.

A nan ma fuska a sake za a zana. Kada ka kumbura kunci da iska, kada ka karkatar da baki gefe, kada ka ja fata da yatsa lokacin da kake sa alama, domin layin da ya miƙe a jayayyar fata yana karkacewa in ta koma. Bayan ka zana sai ka yi murmushi ka gani, tun da kunci na tashi in an yi dariya. Ka kuma kula da haske. Ƙwan lantarki da ke gefe guda yana jefa inuwa a kunci ɗaya, ya sa ka ga kamar ya fi ɗayan cika. Ka fuskanci taga da rana, ko ka fita da madubin tsakar gida wurin inuwa. A kunci ba a bukatar share fage. Sau da yawa gashi goma ko ashirin ne kawai suka fita daga sahu, sai a ɗauke su ɗaya-ɗaya da kusurwar kilifa.

Ina sane da cewa da yawa daga cikinmu don sunna suke ajiye gemu, kuma malamai sun tattauna a kan iyakarsa, ko gashin kunci da na maƙogwaro suna cikinsa ko ba sa ciki, ra'ayoyinsu kuma sun bambanta. Wannan tambayar malaminka ce, ba ta mai aski ba. Abin da zan iya cewa kawai shi ne, layin da aka ajiye a ƙasa, da kuncin da aka bari kusa da halittarsa, su ne suka fi barin gemu cikakke ta kowace fuska aka duba.

Akwai wani dalili na kin ɗaga layin wanda ya fi kyan gani muhimmanci a wurina, shi ne ƙurajen aski. Gashinmu a nannaɗe yake fitowa. Idan reza ta yanke shi daidai da fata, ko ƙasa da ita, bakinsa na zama mai tsini, in ya fara tsirowa sai ya lanƙwaso ya soki fatar, wani ma tun bai fito ba yake huda gefen raminsa. Jiki ya ɗauke shi baƙon abu, wurin ya kumbura, ya yi ƙaiƙayi, wani lokaci ya tara ruwa, in ya warke ya bar baƙin tabo. Wuya da ƙasan haɓa ne suka fi fama da wannan, saboda a can gashi ba ya bin hanya ɗaya: wani ya nufi ƙasa, wani gefe, wani sama. Duk santimita ɗaya da ka ƙara wa layinka, ka ƙara faɗin fatar da za ka riƙa askewa ke nan kowane mako, kuma a wurin da ya fi saurin yin ƙuraje.

Shi ya sa ga mai irin wannan fata nake ganin kilifa kaɗai ta isa. Tana barin ɗan gashi da bai kai milimita 1 ba ko kusa da haka, daga nesa wuya a share yake, amma bakin gashin na waje. Wanda ya nace sai reza, to ya bar wuyan kwana biyu ko uku ya shafa ya gane inda gashin kowane wuri ya dosa, ya jiƙa shi da ruwan ɗumi na 'yan mintoci, ya sa kumfa, ya bi gashin inda ya kwanta, sau ɗaya, ba tare da ya ja fatar ta yi tauri ba. Sabuwar reza, ba wadda ta kwana a bakin taga ba. Bayan nan ruwan sanyi da ɗan man kaɗanya, musamman da hunturu. In ƙurajen sun riga sun fito, maganin farko shi ne a daina aske wurin na mako uku zuwa huɗu, har gashin ya yi tsawon da zai zare kansa daga fata. Waɗanda suka yi tauri suna girma, ko suke fitar da mugunya, na likitan fata ne. Kilifar da aka matso da haƙoranta gaba sosai don ta ci ƙasa, irin ta fitar da layi a shago, tana iya yankar fatar wuya in an danna, don haka a sassauta hannu. Kuma kilifa da reza ba abin aro ba ne, ciwon hanta na iya bin jinin da ido bai gani ba.

Na ƙanena kuwa lissafi muka zauna muka yi. Gashin gemu na tsirowa kimanin kashi ɗaya cikin uku na milimita zuwa kusan rabinta a rana, wato santimita 1 ko ɗan fiye a wata. A kwana 12 za mu samu milimita 4 zuwa 5. Gemunsa na wajen milimita 10, kuma wurin da ya aske bisa kuskure ya kai faɗin yatsa biyu a tsakiya. Ba zai kamo ba, amma zai yi duhu, kuma duhun muke bukata. Ya so ya aske duka ya huta, na hana shi, don da ya yi haka ranar auren da ɗan tsiro kawai zai je.

Ranar ba mu taɓa komai ba. Bayan kwana 4, da tsiron ya fito, na zana masa layin gaskiya da alli, yatsa ɗaya saman zakaran wuya, muka share abin da ke ƙasansa kaɗai. Wannan matakin yana da amfani fiye da yadda ake zato: da zarar wuya ya yi fes a ƙasa, tsiron da ke sama ya daina kama da ƙazanta, ya koma kamar da gangan aka bar shi. Kwanakin tsakiya sun yi masa nauyi, wurin na ƙaiƙayi, tsohon layin kuma na nan a fili kamar matakala. Sau biyu yana cewa, "Yaya, ko in ɗan daidaita shi?" ina ce masa ya bari. Ana jibi ɗaurin aure muka sauke gemun gaba ɗaya zuwa lamba 2. Sannan na bi bakin tsohon layin, inda dogon gashi ya haɗu da sabo, ina ɗaga kilifar a hankali tana fita, har matakalar ta narke, na gama da lamba 1 a faɗin yatsan ƙarshe. Gemun ya fi yadda ya so gajarta, amma a hotunan gefe ya kewaye muƙamuƙin ya shige ƙarƙashi, ya tsaya a saman wuyan kaftaninsa da ɗan fili mai tsabta a tsakani.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, aka ce shafa wa naka ruwa. Da na koma gida a daren na ɗauki hoton gefen fuskata, sai na tarar nawa layin ma ya hau da kusan faɗin yatsa daga inda na san na ajiye shi watannin baya, ba tare da na taɓa yin kuskure babba ko sau ɗaya ba. Yadda abin ke faruwa shi ne, duk bayan kwana uku ko huɗu in za ka share tsiro, kana ɗora kilifa a kan layin don ya fito da kaifi, sai ta ɗan ci milimita ɗaya daga gemun. Ba ka gani. Sau goma ka yi haka, santimita guda ta tafi. A kunci ma haka yake, sai dai can ƙasa yake zamewa. Tun daga lokacin na sauya yadda nake yi: in ina sharewa, haƙoran kilifa a kan tsiron nake ɗora su, ɗan ƙasa da layin, ba na taɓa dogon gashi. Kuma duk bayan wata biyu nakan bar wuyan da kumatun kwana goma ba aski, har iyakar halitta ta sake bayyana, sannan in ɗauko allin in auna daga zakaran wuya kamar ranar farko.